Bugu na tara: yadda ake gano inda zance ya tsinke tsakanin na'urori

Ɗan yayata ne ya zo mini da aikin a leda: allon Arduino Uno da wani ɗan sikirin mai faɗin kan babban yatsa, irin wanda ayisin SSD1306 ke tuƙawa. So yake sikirin ya riƙa nuna ƙarfin batirin solar gidansu. Kwana uku yana fama, sikirin baƙi ƙirin. Ya canza wayoyi, ya sayo wani sikirin, duk kanwar ja ce. "Kawu, ina jin shi ma wannan ya ƙone," in ji shi. Na ce kafin mu yanke wa sikirin hukunci, bari mu ji abin da ake faɗa masa.

Abin sauraren shi ne lojik analaiza. Irin mai arhan nan bai kai akwatin ashana biyu ba, yana da bakin waya takwas, ana jona shi da kwamfuta, manhajar PulseView kuma ta zana abin da ya ji. Aikinsa ɗaya ne tak: ya leƙa waya sau dubbai a cikin daƙiƙa, ya rubuta ko wuta tana sama ko tana ƙasa, wato 1 ko 0.

Yaren da allon ke yi da sikirin shi ne I2C, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1982. Waya biyu ce ke ɗauke da zancen. SCL ita ce mai buga ganga, tana tsara lokaci. SDA ita ce mai ɗauke da saƙon. A Uno, SDA na kan A4, SCL na kan A5. Idan babu mai magana, dukkansu suna zama a sama, domin akwai rizista da ke jan kowacce zuwa wuta. Na'urorin ba sa tura waya sama da kansu, sai dai su ja ta ƙasa ko su sake ta. A riƙe wannan, don shi ne zai buɗe mana komai nan gaba.

Na maƙala bakin analaiza biyu a kan wayoyin, na uku a GND. Mutane da yawa na manta na ukun nan, sai su ga zane mai tsalle-tsalle su ɗauka aljanu ne a layin. Saurin zancen bugu dubu 100 ne a daƙiƙa, don haka na sa analaiza ya leƙa sau miliyan 2, wato leƙe 20 a kowane bugu. Idan leƙen ya yi kaɗan, bugu zai wuce bai gani ba, kuma zanen da zai ba ka ƙarya ne mai kama da gaskiya. Sai na ce ya fara ɗauka da zarar SDA ta faɗi.

Farkon abin da ake dubawa shi ne shirun da ke gaban zancen. Namu duk wayoyin suna sama, alhamdu lillahi. Da ɗaya tana kwance a ƙasa tun kafin a fara, da mun san babu rizistar ja, ko waya ta taɓa ƙasa, ko wata na'ura ta maƙale ta riƙe layin. Bayan shirun sai sallama: SDA ta faɗi alhali SCL tana sama. Ita ma ta fito daidai. Daga nan bugu tara suka biyo, sai SDA ta tashi alhali SCL tana sama, wato ban kwana. Zancen gaba ɗaya bai fi miliyoyin kaso 100 na daƙiƙa da kaɗan ba. Allon ya yi kira sau ɗaya ya koma gida.

A cikin bugu taran nan, bakwai na farko adireshin wanda ake kira ne, na takwas yana nuna rubutu za a yi ko karatu (0 rubutu, 1 karatu). A na tara mai kira yakan saki SDA ya jira. Idan akwai mai wannan adireshi, sai ya ja wayar ƙasa, kamar wanda aka yi wa sallama ya amsa daga cikin gida. Wannan shi ne ACK. Idan babu kowa, rizista ta bar wayar a sama, shi ne NACK. Manhajar ta rubuta mana:

```
Start | Address write: 78 | NACK | Stop
```

Yaron ya juya sikirin ya nuna mini bayansa, inda aka buga 0x78 ɓaro-ɓaro. "Kawu, ka gani? Adireshin daidai yake, shi ne bai amsa ba." A nan tarkon yake, kuma ni ma ya taɓa kama ni. Na ce ya rabu da rubutun manhaja, ya faɗaɗa zanen, ya ƙirga da idonsa: duk inda SCL take sama, ya faɗi matsayin SDA. Ya ƙirga: 1, 1, 1, 1, 0, 0, 0, 0. Wannan 0xF0 ne. Sikirin kuwa abin da yake jira ya ji shi ne 0, 1, 1, 1, 1, 0, 0, 0.

Dalili shi ne adireshi ɗaya ana rubuta shi iri biyu. Ainihin adireshin sikirin 0x3C ne, mai lamba bakwai. Idan aka matsar da shi gefen hagu taki ɗaya aka liƙa masa sifilin rubutu a ƙarshe, sai ya zama 0x78, kuma shi masu ƙera allon suka buga. To ita manhajar Wire ta Arduino mai lamba bakwai take karɓa, ita ke yin matsarwar da kanta. Ya ba ta wanda aka riga aka matsar, ta sake matsar da shi. PulseView kuma, yadda take a saitinta na asali, takan cire lamba ta takwas kafin ta nuna adireshi, shi ya sa ta mayar mana da 78 ɗin da muka saka, muka ga kamar komai lafiya. Gyaran layi ɗaya ne:

```
Wire.beginTransmission(0x3C);
```

Muka sake ɗauka. A bugu na tara SDA ta tsaya a ƙasa, aka rubuta ACK, sai 00 ta biyo, alamar umarni ne ke tafe, ita ma da amsarta, sauran saƙon ya yi ta kwarara. Sikirin ya kawo haske. Da ma ya duba lambar da `Wire.endTransmission()` ke mayarwa, da ya ga 2, ma'ana ba a amsa adireshi ba. Amma 2 ɗin ba za ta gaya masa wane adireshi ne ya fita kan waya ba.

Inda NACK ya faɗo yana da muhimmanci. A kan adireshi, ko dai kiran ne ba daidai ba, ko wanda ake kira ba shi da wuta, ko an musanya SDA da SCL a wajensa. Idan kuwa an amsa adireshi sannan aka ƙi amsa abin da ya biyo baya, to na'urar tana raye, saƙon ne ba ta karɓa ba, sai a koma takardar bayaninta.

Akwai kuma cutar da analaiza ba ya gani sam. Tunda rizista ce ke ɗaga waya, idan wayar ta yi tsawo ko rizistar ta yi girma, wutar takan hau a hankali kamar mai hawan tudu. Ƙa'idar I2C ta ba da iyakar kaso ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ga wannan hawa a saurin dubu 100, a saurin dubu 400 kuma ƙasa da sulusin haka. Analaiza zai zana maka kusurwa mai kaifi ko da hawan ya yi laƙwas, domin 1 da 0 kawai ya sani. Alamarta ita ce aiki ya yi kyau a ƙaramin sauri ya lalace a babba, ko ya riƙa yi yana ƙi. Nan sai osiloskop, mai nuna ainihin siffar wutar.

Wannan na tuna da yaron ya ce zai ja waya mita biyar daga ɗakin batir zuwa falo ya kafa sikirin a can. Na ce ya bar sikirin kusa da allon, ko kuma ya tanadi rizista mai 2.2k a maimakon 4.7k, ya zo mu auna kafin ya huda bango.