Idan Mai Gwaji Ya Ce “Wasan Ba Daɗi”, Me Za a Gyara?

Duk wanda ya ƙirƙiri wasa, na kwamfuta ne ko na waya ko na kati, akwai ranar da zai miƙa shi ga wani ya buga, sannan ya tambaye shi yadda ya gani. Amsar da ake samu ba ta cika wuce kalma uku ko huɗu ba: ya yi wuya, yana gundura, na rikice, ko kuma wadda ta fi kowacce rashin amfani, wato ba laifi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya ɗauka a kai wa mai rubuta manhaja a ce ga aikinka na gobe. Matsayina a nan shi ne, mai gwaji kusan kullum gaskiya yake faɗa game da abin da ya ji a ransa, amma da wuya ya san abin da ya jawo masa jin. Dalilin yana cikin abin da hannunsa ya yi lokacin da yake buga wasan, don haka zaman gwajin da ba a rubuta wannan a cikinsa ba ya tashi a banza tun kafin a yi tambayar farko.

Wasan Portal, wanda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2007, ya nuna haka a fili. Asalinsa aikin ɗalibai ne na makarantar DigiPen mai suna Narbacular Drop, na 2005, wanda ya burge kamfanin har ya ɗauki ɗaliban aiki. A wasan ana ba ka wata na’ura da ke buɗe ƙofofi biyu a jikin bango, ka shiga ta ɗaya ka ɓullo ta ɗayar, kuma da wannan dabara kake fita daga ɗaki zuwa ɗaki. Masu aikin, cikinsu har da Kim Swift, sun soma gwada shi a kan mutane tun yana ɗanye, kuma suka riƙa yin hakan kusan kowane mako. Bayan an yi nisa da aiki, sai masu gwaji suka riƙa gama jerin ɗakunan suna cewa darasin koyon wasan ya yi kyau, yanzu suna jiran a fara ainihin wasan. Alhali abin da suka buga ɗin shi ne wasan.

Da an ɗauki maganar yadda ta fito daga baki, da sai a rage ɗakunan farko, ko a ƙara wa na baya wuya. Amma mutanen ba su gaza a ɗakunan ba, ba su kuma tsaya suna hamma ba. Suna warware su, suna jin daɗi. Abin da babu shi ne dalilin yin hakan. Babu wanda ake karawa da shi, babu abin da za a rasa, don haka komai ya yi kama da atisaye. Gyaran da aka yi shi ne samar da abokiyar gaba, wato GLaDOS, muryar na’urar da ke kula da wurin, wadda take farawa kamar mai ba da umarni, sannu a hankali mugun nufinta ya bayyana. Babu mai gwajin da ya nemi a ba shi abokiyar gaba. Kokensu ya nuna inda ciwon yake, masu aikin ne suka nemo abin da ya haddasa shi.

Kafin a kai ga irin wannan ganowa, sai an tsara zaman da kyau, kuma tsarin ba shi da tsada. Ana shiga ne da tambaya ɗaya ko biyu a rubuce, misali ko sabon ɗan wasa zai gane da kansa cewa akwati ake ɗorawa a kan maɓallin ƙasa don ƙofa ta buɗe. Ana nemo mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba, domin wanda ya gani sau ɗaya ya riga ya san amsa, kuma ba zai iya mantawa da gangan ba. Ana gaya musu tun farko cewa wasan ake gwadawa, ba su ake jarrabawa ba, idan sun maƙale laifin wasan ne. Daga nan mai wasan ya ja baya ya kama bakinsa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ɗaci, domin kallon mutum yana kewaya ƙofar da ke gabansa minti biyar yana sa harshe ƙaiƙayi, amma da zarar an ce masa duba hagunka, an goge shaidar da aka zo nema. Idan ya maƙale har zaman zai lalace, sai a taimaka masa, a kuma rubuta cewa an taimaka a wuri kaza. Abin da ake rubutawa shi ne lokaci da aiki: a minti na bakwai ya mutu sau uku a rami ɗaya, a minti na goma sha biyu ya ɗauki wayarsa yana dubawa, bai taɓa ɗaga kai ya kalli sama ba. Kalmomi irin su “ya ji haushi” fassara ce, a ajiye su sai daga baya.

Tambayoyi suna zuwa ne a ƙarshe, kuma a nan ma akwai tarko. “Ka ji daɗinsa?” tambaya ce mai neman yabo, musamman idan mai gwajin ƙane ne ko aboki ko ɗalibi, wanda kara ba za ta bar shi ya kushe aikin na gaba da shi a gaban idonsa ba. Shi ya sa ya fi kyau wani daban ya jagoranci zaman, ko a tambayi abin da amsarsa ba ta taɓa mutuncin kowa. A ce masa ya bayyana dokokin wasan kamar zai koya wa wani. Inda ya yi kuskure, nan ne wasan ya kasa koyar da shi. A tuna masa wuri takamaimai, a tambaye shi me yake ƙoƙarin yi a lokacin, kuma me ya zaci zai faru da ya danna maɓallin. Tazarar da ke tsakanin abin da ya zata da abin da ya faru, a nan gyara yake fitowa.

A ƙaddara an gwada wani wasan tsalle-tsalle a kan mutum shida, huɗu suka ce mataki na uku ya yi wuya. Wannan kalma ɗaya tana iya nufin abubuwa uku mabambanta, kuma takardar lura ce za ta raba gardama. Idan sun san abin da ya kamata su yi amma suna faɗawa ramin, to tsallen ne ya yi tsauri, sai a rage faɗin ramin ko a ƙara lokacin da wasa ke karɓar dannawa. Idan kuwa ba su ma gwada tsallen ba, suna ta komawa baya suna neman wata hanya, ba su ga tudun da ake sauka a kai ba ne, maganin kuma haske ne ko launi ko matsar da kyamara. Rage faɗin rami ba zai amfane su da komai ba. Idan sun faɗi sau biyu kacal amma kowace faɗuwa tana mayar da su farkon mataki, su sake tafiyar minti biyu, abin da suke kira wuya hukunci ne mai nauyi, sai a sa wurin farfaɗowa dab da ramin. A zaɓi zato guda, a rubuta abin da ake sa ran gani idan zaton daidai ne, a canza abu ɗaya kawai, sannan a kawo sababbin mutane. Wanda ya canza abu uku a tare, ko wasan ya gyaru ba zai san wanne ya gyara shi ba. Kuma canjin ya zama babba yadda za a ji shi. Sid Meier, mai wasan Civilization, an san shi da shawarar a ninka adadi ko a raba shi biyu, domin ɗan ƙari kaɗan ba ya nuna komai a gwaji.

Wani zai ce mutum biyar ko shida sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Wannan gaskiya ne idan abin da ake nema shi ne sanin wane makami ya fi ƙarfi a tsakanin dubban ’yan wasa, ko kashi nawa cikin ɗari za su so wasan. Irin wannan sai da alƙaluma masu yawa. Amma gano inda mutane ke tuntuɓe wani abu ne daban. Idan huɗu cikin shida suka rasa ƙofa ɗaya, ba a bukatar mutum ɗari su tabbatar cewa ƙofar a ɓoye take. Haɗarin ƙaramin adadi yana ta ɗaya ɓangaren ne: ɗaukar koken mutum guda a rushe abin da sauran biyar suka wuce lafiya. Irin wannan koke a rubuta shi, a jira a ga ko zai sake fitowa.

Suka mai nauyi ita ce cewa wannan hanya tana ba mai wasa damar yin watsi da abin da aka gaya masa da sunan ya fi kowa sani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai son aikinsa yana iya fassara kowane koke ta yadda ba zai taɓa abin da yake ƙauna ba. Abin da ke tsare mutum daga wannan shi ne gwaji na gaba. Fassararsa zato ce, kuma idan sababbin mutane suka maimaita koken bayan gyara, zaton ya faɗi, dole a koma ga na biyu, ko da na biyun shi ne a cire ɗakin gaba ɗaya. Akwai kuma masu tsoron cewa yawan gwaji yana daka wasa ya zama lami, babu ɗanɗanon mai shi. Portal bai goyi bayan wannan tsoro ba. A ɗaki na 17 ana son ɗan wasa ya ɗauki akwati guda daga farko har ƙarshe, amma masu gwaji suka riƙa barin sa a baya. Ana iya manna gargaɗi a allo a wuce wurin. Masu aikin, da marubuci Erik Wolpaw, sai suka zana wa akwatin zuciya, suka sa GLaDOS ta riƙa maganarsa kamar aboki, a ƙarshe kuma ta tilasta wa ɗan wasa ya jefa shi cikin wuta. Mutane suka daina mantawa da shi, ƙona shi kuma ya koya musu amfani da murhun da za su bukata a karon ƙarshe da GLaDOS. Matsalar daga masu gwaji ta fito, amma siffar maganin ta masu wasan ce, kuma akwatin ya zama ɗaya daga abubuwan da aka fi tunawa da su a wasan.

Ga mai shirin zaman gwaji na farko, abin da zai tanada bai wuce takarda mai layi uku ba: minti nawa, me mutumin ya yi, me ya faɗa. Layi na huɗu, na abin da za a canza, kada a cike shi a ranar. A bari sai an jera takardun dukkan masu gwajin an ga inda suka haɗu.