Kuɗin Marayu a Hannun Uwa: Yadda Ta Juya Miliyan 17 Ba Tare da Ta Cinye Uwar Kuɗi Ba

Ranar da aka gama rabon gadon mijinta, bayan ta fita takaba da 'yan makonni, ta ce ba ta runtsa ba. Abin da ya hana ta barci lissafi ne. Ga yara uku, babban namiji mai shekara 11, sai mata biyu, mai 8 da mai 4. Ga kuɗi masu yawa a ido, amma babu mai ƙara ko sisi a kai. Wannan baiwar Allah 'yar uwata ce da ke zaune a Kano, kuma ta yarda in ba da labarinta bisa sharaɗin a sakaya sunanta.

Mijin ɗan kasuwa ne, ya rasu a farkon 2023. Da aka sayar da kayan shago da mota, aka biya basussukansa, abin da ya rage ya kama naira miliyan 24. Gidan da suke ciki ba a sayar ba, an dai rubuta kason kowa. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa, saboda haka magadan su ne matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'yan uku.

Nawa ne nata, nawa ne nasu?

Kamar yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka tsara, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumunin dukiya, wato kashi ɗaya cikin takwas. Nata ya kama miliyan 3. Mahaifiyarsa ta karɓi sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 4. Sauran miliyan 17 na yara ne: namijin miliyan 8 da rabi, matan kowacce miliyan 4 da dubu 250.

A nan ne uwaye da yawa ke fara kuskure, sai a haɗa duka a asusu ɗaya ana cewa "kuɗinmu". Miliyan 3 ɗin nan nata ne, ta ga dama ta yi kasada da su. Miliyan 17 kuwa amana ce da za ta mayar wata rana. Haka kuma, a mazhabar Malikiyya, kasancewarki uwa mai riƙon yara bai mayar da ke mai iko da dukiyarsu kai tsaye ba. Wannan iko na wanda uban ya yi wa wasiyya ne, in babu, sai wanda alƙali ya naɗa. Ita mijinta bai bar wasiyyi ba, don haka ta nemi dangi su raka ta kotun shari'a, aka damƙa mata kula da dukiyar a rubuce, yayan mijin kuma ya zama mai duba lissafi. Wannan takarda ce ta kare ta daga baya, lokacin da surutu ya taso.

Ta fara da abin da ake ci, ba da abin da za a samu ba

Kafin ta saurari shawarar kowa, sai ta ɗauki littafi ta rubuta hidimar yaran ta shekara. Abinci da wuta da ruwa da kuɗin mota, dubu 150 a wata, wato miliyan 1 da dubu 800. Kuɗin makarantar boko da Islamiyya, dubu 150 kowane zango, dubu 450 ke nan. Magani da kayan sallah, dubu 250. Jimla miliyan 2 da rabi.

Da ta raba miliyan 17 da wannan adadi, sai gabanta ya faɗi. In aka zauna ana ɗiba kawai, kuɗin ba za su kai shekara bakwai ba, ko da farashin kaya bai motsa ba. Autar za ta kai shekara 11 ba ta da komai. Ajiye kuɗin a ƙyale su ma wata hanyar asara ce, shi ya sa malamai tun zamanin sahabbai suke kwaɗaitar da a juya dukiyar maraya. Abin tambaya shi ne a ina, kuma nawa.

Gida huɗu ta raba su

Gida na farko, miliyan 3 da rabi, ta bar su a banki: hidimar shekara guda cif, da miliyan 1 na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya. Ba a neman riba da waɗannan. Amfaninsu shi ne kada wata larura ta tilasta mata sayar da kadara da arha. Abin lura a nan, hukumar NDIC mai inshorar ajiya, tun 2024, tana lamunce wa mai ajiya har miliyan 5 ne a kowane bankin kasuwanci idan ya durƙushe, a ƙananan bankuna kuwa miliyan 2. Saboda haka ba a jibge manyan kuɗi a wuri guda. Mai gudun kuɗin ruwa tana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus.

Gida na biyu shi ne mafi girma, miliyan 8, ta sa su a Sukuk na Gwamnatin Tarayya. Ofishin kula da basussuka, DMO, shi ke fitar da shi tun 2017. Ana gina hanyoyi da kuɗin, masu jari kuma ana biyan su kuɗin haya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi a mayar musu da uwar kuɗinsu. Wanda ta saya, na watan Oktoban 2023, wa'adinsa shekara 10 ne, hayarsa kashi 15.75 cikin ɗari a shekara. A kan miliyan 8, dubu 630 ke shigowa duk wata shida, wato miliyan 1 da dubu 260 a shekara. Ba kullum ake buɗe sayarwa ba, sai an sanar, kuma ana saye ne ta bankuna da dillalan da aka amince da su. Mai son fita kafin wa'adi za ta iya sayarwa ta hannun dillali, sai dai farashin ranar zai iya gaza abin da ta zuba.

Me ya hana ta zuba duka a nan, tunda ya fi kwanciyar hankali? Saboda naira ce za a mayar mata, ba buhun shinkafa ba. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, hayar Sukuk kuwa tana nan yadda take. Dubu 630 ɗin sun ci gaba da zuwa a kan lokaci, amma cefanen da suke yi ya ragu.

Wannan ne dalilin gida na uku. Da miliyan 4 ta sayi ɗan shago a bakin titin unguwa, ana ba ta hayar dubu 300 a shekara. A lissafi hayar ba ta kai ta Sukuk ba ko kusa, amma gini kan bi tashin farashi, haya ma ana iya ƙara ta. Kafin ta biya, sai da aka bincika takardun, aka tambayi mai unguwa da maƙwabta ko wurin na gado ne da ake rigima a kansa, aka kuma rubuta cinikin da sunan yaran uku, ba da sunanta ko na wani kawu ba.

Gidan da ya kusa raba zumunci

Ƙanin mijin, mai harkar hatsi, ya zo da tayinsa tun farko. Ya ce: "Yaya, ki ba ni miliyan 10, duk wata zan kawo miki dubu 300, ke dai ki zauna." Dubu 300 a wata ya fi ƙarfin hidimar yaran gaba ɗaya, kuma mai maganar baffansu ne. Ƙin amincewa ba abu ne mai sauƙi ba.

Amma akwai matsala biyu. Ta farko, kasuwa ba ta da albashi. Wanda ya yanka miki riba tun bai sayi kaya ba, in kasuwa ta juya, daga cikin kuɗinki zai riƙa biyan ki har su ƙare. Da irin wannan alkawari, na riba mai tsoka da ba ta fashi, MMM ta cinye kuɗin mutane a 2016, CBEX ma a 2025. Shi baffan ba macuci ba ne, amma lissafin bai san ɗan uwa ba. Ta biyu, a ƙa'idar ƙiradi, wato ba da jari a raba riba, ba a yanka adadi. Kaso ake yankawa, kamar rabi da rabi, kuma in an yi asara ba da sakaci ba, a kan jarin take faɗawa.

Sai ta ce masa: "Baffan yara, ba ƙin ka nake ba. Kuɗin ba nawa ba ne, alƙali zai tambaye ni." Ta ba shi miliyan 1 da rabi kawai, adadin da ko ya salwanta yaran ba za su bar makaranta ba. An rubuta a gaban shaidu biyu: riba rabi da rabi, lissafi bayan kowace kaka. Ya yi fushi, har maganar ta kai gun surukarta, amma takardar kotu ta kashe bakin kowa.

Zagayen farko kason yara ya kama dubu 300. Zagaye na biyu ya sayi masara da tsada ya ajiye, sai farashin hatsi ya karye a 2025, jarin ya dawo da giɓin dubu 400. Da miliyan 10 ne a ciki, da giɓin ya haura miliyan 2 da rabi, hidimar shekara guda sukutum.

Abin da lissafi ya nuna

A shekara mai kyau, Sukuk da shago da hatsi sun kawo miliyan 1 da dubu 860. Hidima kuwa miliyan 2 da rabi ce, tun kafin kaya su ƙara tsada. Akwai giɓin dubu 640, kuma ba ta rufe ido ta ce babu ba. Da nata miliyan 3 ta kama sarin atamfa da mayafai a cikin gida, ribar tana cike wani ɓangare. Ta mayar da yaran makarantar da ke kusa, kuɗin mota ya fita daga lissafi. Ragowar ta ɗiba daga ajiyar banki, da sanin mai duba lissafi. Alamar hatsari da ta sa wa kanta ita ce: duk shekarar da kuɗin ko-ta-kwana suka ragu ba a mayar ba, to hidimar ce za a rage, ba Sukuk ko shago za a taɓa ba.

Littafin nan yana nan, kowane yaro da shafinsa. Duk abin da ya shigo, rabi na namijin ne, matan kwata-kwata, kuɗin makaranta da maganin kowa kuma a shafinsa ake cirewa. Batun zakka ma ta tambayi malami, domin a Malikiyya dukiyar maraya ba ta kuɓuta daga zakka ba. Sai dai kason kowane yaro ake aunawa shi kaɗai da nisabin shekarar, ba jimlar ukun ba.

Wa'adin Sukuk zai cika a 2033, lokacin babban yana da shekara 21. Ta ce in ya nuna hankalin riƙe dukiya, za ta tara baffanninsa su shaida, ta miƙa masa nasa tare da shafinsa, ya karanta da kansa inda kowace naira ta tafi. Na ƙannensa kuma su ci gaba da zama a hannunta har lokacinsu ya yi.