Shirya Takardar Talla Kafin a Kai Ta Maɗaba'a

Takardar tallan da ta yi kyau a fuskar kwamfuta tana iya fitowa daga maɗaba'a da dishi-dishi, ko da farin layi a gefe, ko launinta ya dushe. Galibi matsalar tana cikin fayil ɗin, kuma abubuwa uku ke jawo ta. Takarda mai girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, ta isa misali.

Na farko shi ne kaifin hoto. Ɗigo-ɗigo ne ke haɗuwa su zama hoto, kuma maɗaba'a tana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, abin da manhajoji ke rubutawa 300 dpi. Hoton da faɗinsa ɗigo 1000 ne ba zai wuce santimita takwas da rabi da kaifinsa ba. In aka ja shi ya cika faɗin A5, sai ya dushe. Sauya lambar daga 72 zuwa 300 ba ya dawo da abin da babu shi tun asali. Saboda haka ake neman hoto na ainihi, domin WhatsApp yana matse hotuna idan ba a matsayin fayil aka tura su ba.

Na biyu shi ne rarar gefe, wadda manhajoji irin su CorelDRAW ke kira Bleed. Ana buga takardun a kan babban falle, sannan a yanka su a tare, kuma wuƙar injin kan ɗan kauce. Idan launin bango ya tsaya daidai bakin takarda, kaucewar milimita ɗaya za ta bar farin layi. Maganinsa a miƙa bangon ya zarce da milimita 3 ta kowane gefe, sai fayil ɗin A5 ya zama milimita 154 da 216, wato kimanin ɗigo 1819 da 2551. Rubutu da lambar waya kuwa a janye su ciki da milimita 3 zuwa 5 daga layin yanka.

Na uku shi ne tsarin launi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da hasken ja, kore da shuɗi, wato RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK: shuɗi mai haske, ja mai sirkin shunayya, rawaya da baƙi. Tawada ba ta iya fitar da kore ko shuɗi mai ƙyalli irin na haske, don haka gara a mayar da aikin CMYK tun da wuri, a ga inda ya dushe a gyara. Ƙananan rubutu baƙi a yi shi da baƙar tawada zalla, K 100, domin in an haɗa shi da tawada huɗu kuma suka ɗan saɓa, haruffan za su yi inuwa.

A ƙarshe a fitar da aikin a PDF tare da rarar gefensa, a nemi samfuri ɗaya a duba kafin a buga sauran.