BABI NA UKU: RAJISTAR MA'AIKACI, LAMBAR FANSHO DA HANYOYIN GYARA SAƁANIN SUNA KO RANAR HAIHUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin fansho a Nijeriya. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake yi wa ma'aikaci rajista ta hanyar ɗaukar hoton yatsu da na fuska, da irin lambobin da yake samu, sannan a dubi matakan da ake bi idan aka sami saɓani a suna ko ranar haihuwa. An ɗauki Lambara da ke Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato a matsayin abin misali. Bayanin ya shafi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da na kamfanoni ne, domin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suna bin dokar jiharsu.

3.1 Lambobi Uku da Dangantakarsu

Dokar gyaran fansho ta shekarar 2004, wadda aka maye gurbinta da ta 2014, ita ce ta kawo tsarin fansho na karo-karo. A ƙarƙashin dokar 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ba da aƙalla kashi 10. Ana zuba kuɗin a asusun da ma'aikacin ya buɗe a wani kamfanin kula da fansho da ya zaɓa da kansa. Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ita ke fitar da lambar wannan asusu. Lambar tana farawa da haruffan PEN, sai alƙaluma 12 su biyo baya. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya lamba ɗaya har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya sauya wurin aiki ko ya sauya kamfani.

Lamba ta biyu ita ce ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC da aka kafa da dokar 2007 take bayarwa. Ta uku ita ce lambar tantancewa ta banki, wato BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014. Ita ma alƙalumanta 11 ne.

Da farko waɗannan lambobi ba su da wata alaƙa da juna. Amma a 2019 PenCom ta sauya tsarin rajistarta, ta wajabta wa duk wanda ya buɗe asusu kafin ranar 1 ga Yuli 2019 ya koma kamfaninsa a sake ɗaukar bayanansa tare da lambarsa ta ɗan ƙasa. Tun daga lokacin na'urar hukumar take gwada suna da jinsi da ranar haihuwar da ke fayil ɗin fansho da waɗanda ke rumbun NIMC. Idan ba su zo daidai ba, rajistar ba ta shiga. Wanda rajistarsa ba ta shiga ba kuwa, ba zai iya komawa wani kamfani ba, kuma biyan haƙƙinsa yakan tsaya idan ya yi ritaya.

3.2 Ɗaukar Hoton Yatsu

A cibiyar rajistar ɗan ƙasa ana ɗaukar hoton yatsu goma: huɗu na hannu ɗaya, huɗu na ɗayan, sannan manyan yatsu biyu tare. Bayan haka a ɗauki hoton fuska da sa hannu. Amfanin wannan shi ne na'ura ta gwada yatsun da na duk waɗanda aka riga aka yi wa rajista, domin kada mutum ɗaya ya mallaki lamba biyu.

A yanki irin na Shagari da Boɗinga, inda galibin ma'aikata manoma ne a lokaci guda, kanta da kaushin hannu kan shafe zanen yatsa, musamman da damina da lokacin hunturu. Tsufa ma yakan yi haka. Ana gane matsalar nan take, domin na'urar za ta riƙa neman a sake ɗora yatsa. Abin da ya kamata shi ne a wanke hannu, a ɗan jiƙa fatar, a sake gwadawa. Wanda ya rasa yatsa kuwa, jami'i yakan rubuta haka a bayanansa.

Abin lura a nan shi ne, yatsa yana tabbatar da cewa mutumin ne, amma ba ya tabbatar da cewa sunan da aka buga ko shekarun da aka rubuta daidai ne. Saboda haka wanda ya ga kuskure a takardarsa ya je wata cibiya ya sake sabuwar rajista, ya ƙara wa kansa wahala ne kawai. Na'ura za ta gano yatsunsa ta dakatar da rajistar ta biyu.

3.3 Dalilan Saɓani

Dalili na farko shi ne al'adar sanya suna. A ƙasar Sakkwato 'yan boko da yawa sun ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe tun daga makaranta, kamar yadda aka san tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Usman Aliyu da sunan Shagari. Ke nan mutum zai iya zama da sunan gari a fayil ɗin aiki, da sunan uba a banki. Daɗin daɗawa, suna ɗaya yana da siffofi da dama. Garba shi ne Abubakar, haka kuma Mamman da Muhammadu. Jama'a sun san duk ɗaya ne, amma na'ura haruffa take gwadawa.

Dalili na biyu shi ne rashin takardar haihuwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fito ne a 1992. Yawancin waɗanda ke gab da ritaya an haife su kafin nan, a gida, kuma malamin makaranta ne ya ƙiyasta musu shekaru. Idan mutum bai faɗi rana ba a wurin rajista, sau da yawa akan sa masa 1 ga Janairu. Akwai kuma kuskuren juya rana da wata, inda 12/03 kan koma 03/12.

3.4 Misali

Domin a fahimci abin sosai, a ɗauki wani direba ɗan Lambara da ke aiki da wata hukumar Gwamnatin Tarayya a Sakkwato. Sunan da bayanan duk na misali ne. Takardunsa sun kasance kamar haka:

(i) Fayil ɗin aiki: Abubakar Umaru Lambara, 12 ga Maris 1967, an ɗauke shi aiki ranar 1 ga Agusta 1994.
(ii) Kamfanin fansho: Abubakar Umaru Lambara, 3 ga Disamba 1967.
(iii) Lambar ɗan ƙasa da banki: Garba Umar, 1 ga Janairu 1971.

Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Bisa fayil, zai cika 60 ranar 12 ga Maris 2027, kafin cikarsa 35 a aiki a Agustan 2029. Bisa lambar ɗan ƙasa kuwa, sai 2031 zai cika 60, wanda ke nufin zai kai 2029 yana aiki. Ke nan akwai tazarar fiye da shekara biyu tsakanin lissafin biyu. Ban da wannan, ranar haihuwa tana shiga lissafin haƙƙinsa na aikin da ya yi daga 1994 zuwa Yunin 2004, kafin sabon tsari, kuma tana shiga lissafin abin da za a riƙa ba shi duk wata.

Tambayar farko ita ce, wace takarda za a bi? Dokokin aikin Gwamnatin Tarayya sun hana a sauya ranar haihuwar da aka rubuta lokacin ɗaukar aiki. Don haka sauran takardun ne za a jawo su dace da fayil, ko da lissafin lambar ɗan ƙasa ya fi yi wa ma'aikacin daɗi.

3.5 Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne tattara hujja. Direban zai karɓo kwafin takardar ɗaukarsa aiki da bayanan aikinsa daga ofishin kula da ma'aikata. Zai je kotu ya yi rantsuwa cewa Garba Umar da Abubakar Umaru Lambara mutum ɗaya ne, ya kuma buga sanarwa a jarida. Tun da an haife shi kafin 1992, Hukumar Ƙidaya za ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa, wadda ita ce ke zama a madadin takardar haihuwa ga irinsa.

Mataki na biyu shi ne gyara a NIMC, domin ita ce tushen da saura ke dubawa. A 2024 hukumar ta buɗe shafin da mutum zai nemi gyara da kansa ta waya ko kwamfuta. Ana biyan kuɗi a kan kowane gyara, kuma na ranar haihuwa ya fi na suna tsada da tsanani. Ya kamata a biya ta hanyar da hukuma ta tanada, a adana rasit. Idan aka amince, sai ya fitar da sabuwar takarda. Lambar ba ta sauyawa, bayanan da ke ƙarƙashinta ne ke sauyawa.

Mataki na uku shi ne banki. Zai kai sabuwar takardar da rantsuwar kotu a gyara BVN da sunan asusu, domin a wannan asusu ne kuɗin fansho zai riƙa shiga.

Mataki na huɗu shi ne kamfanin fansho. Zai cike takardar neman gyara, ya haɗa da wasiƙar wurin aikinsa mai tabbatar da ranar da ke fayil, da kwafin hujjojin da aka ambata. A nan sunansa daidai yake, rana da wata ne kawai aka juya. Duk da haka kamfani ba ya sauya ranar haihuwa bisa ra'ayin kansa, sai ya miƙa buƙatar ga PenCom. Bayan an amince ne za a sake ɗaukar bayanansa su shiga.

Bin wannan jeri wajibi ne. Wanda ya fara da kamfanin fansho alhali bai gyara lambar ɗan ƙasa ba, za a mayar masa da buƙatarsa, saboda na'ura za ta tarar da tsohon bayani. Ana gane gyara ya kammala ne idan aka jera sabuwar takardar ɗan ƙasa, da bayanin banki, da bayanin asusun fansho, aka ga haruffan suna da jerinsu da ranar haihuwa sun zo iri ɗaya. Haka kuma a duba cewa lambar PEN da ke takardar albashi ita ce ke bayanin asusu. Idan suka bambanta, alama ce ta cewa an buɗe wa ma'aikacin asusu biyu, wanda dole a kai wa kamfanonin biyu domin a haɗe kuɗin a lamba ɗaya.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa lambar fansho ta dogara ga lambar ɗan ƙasa, ita kuma ta dogara ga abin da aka faɗa wa jami'i ranar rajista. An kuma ga cewa gyara yana farawa daga hujja, ya bi ta NIMC da banki, ya ƙare a kamfanin fansho. Tun da PenCom takan tantance ma'aikatan tarayya masu shirin ritaya tun kafin ritayarsu, direban da aka yi misali da shi yana bukatar kammala gyaransa kafin tantancewar 2026. Haka nan gyaran ya fi sauƙi tun mai asusun yana raye, domin bayan rasuwarsa magada ba su da yatsa ko fuskar da za su gabatar a madadinsa. Babi na gaba zai dubi yadda magada ke karɓar haƙƙin mamaci.