Ka Ƙirga Makonnin Furojek Daga Baya

Ɗalibin ajin ƙarshe a jami'a, misali mai karatun ilimin koyarwa da zai raba takardun tambayoyi, ya fi dacewa ya fara lissafi daga ranar miƙa furojek, ya dawo baya. A ce makonni 24 ne a hannunsa, zango biyu ke nan.

Makonni 4 na ƙarshe na gyare-gyare ne, da ɗaure littafi, da shirin kare aikin a gaban malamai. Kafin su, makonni 5 na babi na 4 da na 5, wato nazarin bayanai da kammalawa. Makonni 3 na farko su tafi wajen zaɓen batu, a kai wa malami mai duba aiki batutuwa uku ya amince da ɗaya. Makonni 8 kuma na babi na 1 zuwa na 3.

Saura makonni 4 na tattara bayanai, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. Idan makarantun sakandare za ka shiga, duba kalandarsu tun yanzu, domin lokacin hutu ko jarrabawa ba wanda zai cike maka takarda. Takardar gabatarwa daga sashenku ma tana cin kwanaki. Kada ka raba tambayoyi kafin malaminka ya amince da babi na 3, don idan ya sauya su daga baya, duk abin da ka tattara ya tashi a banza.

Kowane babi ka ware masa mako guda na jiran malami, ka ci gaba da na gaba kafin ya dawo.