Wasiƙar Makaho Zuwa Ga Manajan Banki

Wani makaho, tsohon malamin makaranta, ya rubuta wa manajan bankinsa wasiƙa mai shafi ɗaya. Bai nemi a tausaya masa ba. Kokensa shi ne duk wata sai ya miƙa wa ɗan ƙanensa takardar bayanin asusu ya karanta masa, har yaron ya fi shi sanin abin da ya rage na fanshonsa.

Abin da ya nema a fili yake: a riƙa aiko masa da bayanin ta imel, a rubutu tsantsa wanda manhajar karanta allo irin su NVDA ko TalkBack za ta iya furtawa. Nan bankuna kan yi tuntuɓe. Sai ma'aikaci ya ɗauki hoton takarda ya mayar da shi PDF, a ganinsa ya gama aiki. Manhajar kuwa sai ta yi gum, domin hoto ta tarar, ba haruffa ba. Gane wannan ba wuya: in ba ka iya kwafo kalma guda daga cikin fayil ɗin, makaho ma ba zai ji ta ba.

Ya kuma roƙi a ware ma'aikaci da zai karanta masa fom a keɓe kafin ya sa hannu, ya ƙirga kuɗin a gabansa, amma lambar sirri shi zai danna da kansa, yana laluben ɗigon da ke kan maɓallin 5.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta tsaya masa. Ranka ya daɗe Manaja, a ba shi amsa, kuma kada ta zo a hoto.