Yadda Ake Faɗaɗa Rubutun Minti Ɗaya Ya Cika Minti Biyar

Rubutun minti ɗaya, irin wanda ake karantawa a rediyo ko a ɗora kan gajeren bidiyo, saƙo guda yake ɗauka. Idan aka ba shi filin minti biyar, ƙarin minti huɗun ba ya samuwa ta hanyar jan jimloli ko maimaita abin da aka riga aka faɗa. Yana fitowa ne daga tambayoyin da gajeren rubutun ya bari a zuciyar mai sauraro. Aikin marubuci shi ne ya gano waɗannan tambayoyi, ya ba kowace nata sashe, ya kuma tallafe ta da misali.

Matakin farko awo ne. Ana ɗaukar agogo a karanta rubutun da ƙarfi, da saurin da za a karanta shi a gaban makirufo, sannan a ƙirga kalmominsa. Idan mai gabatarwa ya karanta kalmomi 150 a minti ɗaya, lissafi zai nuna 750 a minti biyar. Sai dai ba duka lokacin ne na magana ba. In aka ware daƙiƙa 20 don kiɗan buɗewa da na rufewa, saura daƙiƙa 280, wato kalmomi 700. Ke nan sabbin kalmomi 550 ake nema. Saurin baki ya bambanta, don haka da muryar wanda zai karanta ake yin awon.

Sanarwar lafiya kan gudawar yara misali ce mai kyau. A minti ɗaya, abin da take iya faɗa bai wuce abu huɗu ba: gudawa tana ƙarar da ruwan jikin yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshin ORS, a haɗa masa da ƙwayar zinki, a kai shi asibiti idan abin ya yi tsanani. Waɗannan su ne ginshiƙan rubutun, kuma ba a taɓa su. Kafin a ƙara komai, marubuci yana taƙaita saƙon a jimla ɗaya, kamar: uwa ta fara ba yaro ruwan nan tun daga zawon farko. Duk wani ƙari da bai taimaki wannan jimla ba, a waje yake zama.

Daga nan sai a bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu tambayoyin da uwa mai sauraro za ta yi. Me ya sa ƙarewar ruwa take da haɗari? Yaya ake haɗa ƙunshin? Nawa ake bayarwa? Idan yaro ya yi amai fa? Mene ne ake kira tsanani? Tambayar da amsarta take buƙatar jimla uku ko fiye ta cancanci sashe nata. Wadda jimla ɗaya ta ishe ta, sai a sa ta cikin sashen da ya fi kusa da ita.

Rabon lokaci ba ya zama daidai wa daida. Sashen da ya koyar da abin da za a yi da hannu shi ne mai kaso mafi tsoka. A wannan sanarwa, buɗewa tana iya cin daƙiƙa 20, bayanin dalili 40, haɗawa da bayarwa 70, misali 55, zinki 30, alamomin haɗari 40, rufewa 25. Jimilla 280 ke nan. Rubuta wannan rabo a gefen takarda yana hana marubuci ƙarar da rabin filinsa a gabatarwa.

Sashen haɗawa ya fi nuna bambancin faɗaɗawa da cikon baki. Gajeren rubutun ya ce kawai a ba yaro ruwan gishiri da sukari. Dogon zai ce a wanke hannu da sabulu, a duba adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, a juye garin gaba ɗaya cikin tsaftataccen ruwa, a motsa har ya narke. Idan ƙunshin na lita ɗaya ne, ledar ruwa biyu mai rabin lita ta cika awon. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, a hankali, cokali bayan cokali. Abin da ya rage bayan awa 24 zubar da shi ake yi a haɗa sabo. Kowace jimla a nan ta kawo abin da babu shi a rubutun farko, kuma da wannan ake gane ƙari na gaskiya.

Misali kuwa aikinsa ya nuna inda ake yin tuntuɓe. Ana iya kawo uwa da ta ba ɗanta ruwan ya amayar, ta yanke cewa bai karɓe shi ba, ta daina. Sai ma'aikaciyar lafiya ta gaya mata ta dakata minti goma ta ci gaba, amma a hankali fiye da dā, kuma kada ta fasa ba shi nono. Irin wannan misali yana amsa tambayar amai ba tare da dogon jawabi ba, kuma sauyin murya yana hutar da kunne a tsakiyar shiri. Misali guda cikakke ya fi uku da aka yi wa shafar mai. Idan ƙirƙirarsa aka yi, dole a gabatar da shi da kalma irin "a misali", kada a sa mai sauraro ya ɗauka labarin wata sananniyar mata ce.

Dogon rubutu yana buƙatar abin da gajere bai damu da shi ba, wato jimlolin haɗi. Mai karanta jarida yana iya komawa baya, mai sauraro ba ya iyawa, kuma wani a minti na uku zai kunna rediyonsa. Saboda haka kowane sashe yana farawa da jimlar da ta ambaci batun da sunansa, kamar: bayan ruwan gishiri da sukari, abu na biyu da yaro mai gudawa yake buƙata shi ne zinki, kullum, na kwana 10 zuwa 14. Babban saƙon kuma ana faɗinsa sau uku, a farko da tsakiya da ƙarshe, da lafazi iri ɗaya don ya zauna.

Kurakuran wannan aiki sanannu ne, kuma kowanne yana da alamarsa. Na farko cikon baki: idan aka soke jimla ba a rasa wani bayani ba, dama ba ta da aiki. Na biyu kauce hanya: sashe kan zazzaɓin cizon sauro ko rigakafi yana da amfani, amma shiri ne daban, kuma ana gane shi idan ya kasa komawa ga jimlar saƙon. Na uku sauya tsohon nauyin magana. Idan alamomin haɗari, irin su faɗawar idanu, jini a bayan gida, kasa shan ruwa ko nono, da yawan kasala, suka nutse a tsakiyar bayanin haɗi, uwa tana iya zaton komai a gida ake maganinsa. Shi ya sa ake ba su sashe nasu dab da rufewa. Na huɗu sabon bayani mara tushe: kowane adadi da aka ƙara sai ma'aikacin lafiya ya duba shi kafin ya shiga iska.

Matakin ƙarshe shi ne karatu da agogo, sashe bayan sashe, ana kwatanta kowanne da rabonsa. Idan rubutun ya zarce, daga misali ake fara ragewa, ba daga matakai ko gargaɗi ba. Idan ya gaza da rabin minti, ana komawa jerin tambayoyin a ɗauko wadda ba a amsa ba, maimakon a ce mai gabatarwa ya ja murya. Daga bisani sai a karanta wa wanda bai san batun ba, a nemi ya faɗi abin da zai yi in yaronsa ya kamu. In ya kawo matakan a jere, ya kuma faɗi lokacin tafiya asibiti, rubutun ya isa ɗauka.